Daga "nawa ne?" zuwa kafin alƙalami

"Assalamu alaikum Anti. Ni mai lalle ce da kwalliyar amare a Kano, shekarata biyu da farawa. Duk ranar da na ɗora hoton aikina a Status sai saƙonni su yi ta shigowa, kowa na cewa nawa ne. Da na faɗi kuɗin sai in ji shiru, wata ta ce za ta waiwaye ni, shi ke nan. Na gwada ɓoye farashin, na gwada ragewa, duk ba ta sauya zani ba. Don Allah me nake yi ba daidai ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sa wa sana'a albarka. Kafin komai ki ɗauko wayarki ki buɗe hira goma na ƙarshe da suka mutu, ki duba saƙon da ke ƙasan kowacce. Ina kyautata zaton a mafi yawansu naki ne, kuma lamba ce tsirara: "25k", ko "dubu 30 ne". To ki sa kanki a matsayin wadda ta karɓa. Me za ta ce bayan wannan? Ba ki tambaye ta komai ba, ba ki nuna mata abin da kuɗin zai saya ba, ba ki buɗe mata ƙofar da za ta bi ba. Hanya biyu kawai kika bar mata, ko ta ce to, ko ta yi shiru, kuma babu macen da za ta ce to a kan dubu 30 a saƙo na biyu, ga wadda ba ta taɓa zama gabanta ba.

A kasuwa ba haka ake yi ba. Idan kika tsaya gaban mai atamfa a Kantin Kwari kika ce nawa ne, yana faɗa miki yana warware ta, yana ɗora miki a hannu, yana tambayar ki ta biki ce ko ta zaman gida. Kin taya, ya ce albarka, kin ƙara, ya sallama. Fuska da hannu da murya duk suna aiki tare da lambar. A waya an kwashe waɗannan duka, saura rubutu, don haka dole rubutun ya ɗauki nauyin da fuska take ɗauka. Akwai kuma bambanci na biyu da ya fi wannan girma. Mai atamfa kaya yake sayarwa, ke kuwa rana kike sayarwa. Alhamis ɗaya gare ki a mako, Asabar ɗaya, in wata amarya ta ɗauka ta tafi ke nan. Saboda haka duk hirar farashi da ba ta kai ga maganar rana ba, ba ta fara zama ciniki ba tukuna. Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa hanya ce ta kai mai tambaya daga kuɗi zuwa rana, daga rana zuwa kafin alƙalami.

Ɓoye farashi da kika gwada, ki bar shi har abada. Wadda ta ce nawa ne kika ce mata "kira ni mu yi magana", ko kika jero mata tambayoyi biyar ba tare da ko lamba ɗaya ba, abin da take ji shi ne ana so a auna aljihunta kafin a yanka mata. Kuma ki sani ba ke kaɗai ta tura wa ba. Amarya tana kwance da dare ta tura wa masu lalle huɗu ko biyar saƙo iri ɗaya, wadda ta ba ta amsa mai gamsarwa da wuri ita take tsayawa a kai. Ki faɗi kuɗi a amsar farko, amma kada ya fita shi kaɗai. Ya fita da abin da ke cikinsa, da hoto ɗaya ko biyu na ainihin aikin da wannan kuɗin yake saya, sannan a rufe da tambaya ɗaya tak mai sauƙin amsawa.

Bari in ba ki labarin wani ciniki yadda ya gudana a wurina, da kuɗin da nake karɓa a lokacin. Kada ki kwafi lambobin, ki sa naki, tsarin nake so ki gani. Wata Talata bayan isha'i saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba: "Slm nawa ne lallen amarya". Babu suna, babu gaisuwa ta biyu. Ga abin da na mayar:

"Wa alaikumus salam Hajiya, barka da dare, ya gida? Lallen amarya cikakke, ja da baƙi, hannu har gwiwar hannu, ƙafa har ƙwauri, naira 25,000 ne a shago. Yana ɗaukar kamar awa 4, kayan aiki duk nawa ne. In gida za a je ana ƙara kuɗin mota gwargwadon unguwa. Ga hoton wanda na yi makon jiya. Yaushe ne bikin, in duba miki ko ranar tana nan?"

Ki lura da gaisuwar. Ko ita ba ta gaishe ki da kyau ba, ke ki gaishe ta, ki kira ta Hajiya ko Anti har sai kin san ko wace ce, domin sau da yawa wadda take rubutun ta haife ki. Ki lura kuma ban tambaye ta unguwa da yawan ƙawaye da irin zanen da take so da nawa ta ware ba. Duk zan buƙaci sanin waɗannan, amma in na zuba mata su lokaci ɗaya na ba ta aikin cike takarda, ita kuwa tambaya ta zo yi. Tambayar rana ce na zaɓa saboda kowa ya san amsarta ba sai ya yi tunani ba, kuma ita ce take raba mai biki da mai kallo. Wadda ke da biki za ta ce ranar kaza ga wata. Wadda sha'awa ce kawai ta kawo ta za ta ce ba a sa rana ba tukuna, kuma wannan ma ba asara ba ce, sai ki ce mata Allah Ya nuna mana lokacin, ki adana lambarta.

Ta amsa da safe. Ashe yayar amarya ce, bikin saura mako uku, a Rijiyar Zaki, kamu ranar Alhamis, dina ranar Asabar. Kin ga daga tambaya ɗaya na samu abu huɗu. Kuma na gane tambayarta ta farko ba ita ce ainihin buƙatarta ba. Lalle ta tambaya saboda hoton lalle ta gani, amma amarya mai kamu da dina tana buƙatar kwalliya sau biyu. Sai na ce mata ranakun suna nan, na ƙara da cewa lalle ya fi kyau a yi shi Laraba don jan ya samu kwana ya kama sosai kafin kamu, sannan na tambaya: "An riga an samu mai kwalliya, ko in haɗa miki duka ki gani?" Wannan maganar ta kwanan lalle ba talla ba ce, shawara ce ta gaskiya, kuma a nan mutum yake fara jin cewa yana magana da wadda ta san aikinta. Ta ce in haɗa.

Yanzu ne wurin da yawancinmu muke ɓata ciniki da hannunmu, wato mu danna mu riƙe mu zuba saƙon murya na minti uku, ga kuɗi ga bayani ga hira duk a ciki. Saƙon murya yana da amfaninsa, yana kai fara'a, kuma akwai iyayenmu da karatun boko bai zauna musu ba, in ba murya ba ba za ku fahimci juna ba. Amma lissafi a rubuce ake ba da shi. Dalili kuwa, wadda take hira da ke sau da yawa ba ita ce mai biya ba. Za ta kai wa uwar amarya, ko a tura wa ango, ko a nuna wa gwaggon da ta ɗauki nauyin kwalliya a matsayin gudummawarta. Mutumin da zai fitar da kuɗin bai ga hirarku ba, abin da aka tura masa kawai zai gani. Don haka ki rubuta saƙo guda wanda zai iya tsayawa da ƙafarsa ko an cire shi daga cikin hirar, da sunanki a kai. Nawa ya kasance kamar haka:

"Laraba: lallen amarya, 25,000. Alhamis: kwalliyar kamu da ɗaurin kallabi, 30,000. Asabar: kwalliyar dina da ɗauri, 30,000. Zuwa gida Rijiyar Zaki sau 3, 4,000 kowanne, 12,000. Jimla 97,000. Ana ba da rabi a riƙe ranakun, ciko ranar aiki."

Ba a jima ba amsar da kika sani ta zo: "Kai Anti, ya yi yawa. Dubu 70 muka ware." Ki yi farin ciki da wannan saƙon duk ranar da kika same shi. Wadda ta taya tana son aikin, wadda ba ta so shiru take yi. Kuskuren da kika ce kin gwada, wato ragewa, a nan yake kashe mutum. In na sauko daga 97 zuwa 70 a numfashi ɗaya, na gaya mata cewa kuɗin farko ƙarya ne, kuma za ta fara tunanin ko 70 ɗin ma akwai sauran kitse a jikinsa. Gobe kuma za ta gaya wa ƙawarta, ai Anti in kika matsa mata tana cire kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga nan farashinki ya zama abin da ba wanda ya yarda da shi, har ke kanki.

Abin da ake yi shi ne a rage aiki tare da kuɗi, a bar mata zaɓi. Na ce mata: "Na fahimta Hajiya, hidimar biki ba kaɗan ba ce, Allah Ya rufa asiri. Bari mu ga inda za a sassauta. In amarya za ta zo shago ranar Laraba, an cire 4,000. Kamu kuma tunda a gida ne kuma lulluɓi za ta sha, za a iya yi mata kwalliya mai sauƙi ta 20,000, a bar cikakkiyar ga dina inda masu hoto za su yi yawa. Ya koma 83,000." Kowane abin da na cire yana da dalilin da ita ma za ta iya gani da idonta, kuma za ta iya maimaita shi ga mai biyan ba tare da jin kunya ba. Ta je ta dawo ta ce a yi 80. Na sallama. Wannan dubu 3 ɗin na bar ta ne da sani, domin Bahaushe yana son ya tashi daga ciniki da jin an yi masa alheri, kuma ƙaramin ragi a ƙarshe, bayan an gama daidaita aiki, daban yake da rushewar farashi a farko. Amma ki san ƙasanki tun kafin hira ta fara. Ki zauna ki lissafa kuɗin lalle da hoda da gashin ido da kuɗin adaidaita da na yarinyar da ke taya ki, ki ɗora ladan awanninki, ki san lambar da in aka sauka ƙasa da ita ke ce kike biya don ki yi wa mutane aiki. In tayi ya faɗo ƙasa da ita, ki ce albarka cikin mutunci, ki yi mata fatan alheri. Wasu a nan suke dawowa bayan kwana biyu.

To an daidaita a 80,000. Nan ma ciniki bai faɗa ba, kuma wannan darasin da tsada na saye shi. A shekarun farko wata amarya ta ce mini, "In sha Allahu ke ce za ki yi mini, ki riƙe mini ranar." Na riƙe. Ana gab da azumi ne, cikin Sha'aban, lokacin da bukukuwa suke cunkushewa kowa yana so a kai amarya kafin a ga wata. Mutum biyu suka nemi wannan Asabar ɗin na mayar da su. Saura kwana uku na kira don mu tsayar da lokaci, sai ta ce ai wata 'yar uwar babansu ta kawo tata mai kwalliyar, kuma ba ta iya yi mata musu ba. Ban ga laifinta sosai ba, yarinya ce a hannun manya. Amma na wuni a gida ranar da ta fi kowace rana kasuwa a watan, kuma har yau in na tuna matan nan biyu da na mayar sai in ji ba daɗi. Tun daga ranar ban sake rubuta sunan kowa a littafina ba sai kuɗi ya shigo.

Yadda ake neman kafin alƙalami shi ne a faɗe shi kamar ƙa'idar da ta hau kan kowa, ba kamar roƙo ba, kuma ba kamar zargi ba. Ga abin da na tura wa yayar amaryar: "Alhamdu lillahi, mun daidaita a 80,000. Ana riƙe rana ne da rabin kuɗi, 40,000. Zan ajiye miki ranakun uku har gobe da magariba, in ya shigo sai in rubuta sunan amarya in turo miki shaida." Sannan lambar asusu da sunan banki da sunan da zai fito, a saƙo na daban don ta iya kwafa ba wahala. Wa'adin nan na gobe da magariba yana da muhimmanci ƙwarai. In babu shi, "zan turo" tana iya kai mako biyu, ke ba ki da rana ba ki da kuɗi. In akwai shi, kin ba ta abin da za ta je ta gaya wa mai biya don ya hanzarta. Amma ki cika shi ta kowane ɓangare: kada ki ba wa wata ranar kafin magaribar ta yi, kuma in ta wuce ba a turo ba, ki sanar da ita cewa kin saki ranar.

A nan zan roƙe ki abu ɗaya. Kada ki taɓa cewa "wata ma tana neman ranar" alhali babu kowa. Na san ana koya wa 'yan kasuwa wannan dabarar, kuma tana aiki sau ɗaya ko biyu. Amma ƙarya ce a cikin ciniki, tana cire albarka, kuma garin nan ƙarami ne ga mai sana'ar mata, amare suna haɗuwa a gidan biki suna gwada hirarrakinsu. In da gaske wata ta nema, ki faɗa. In babu, wa'adin da kika sa ya isa.

Abu biyu kan kuɗin kansa. Na farko, sunan da ke kan asusun ya dace da sunan da ta san ki da shi. In kasuwancinki yana da suna daban, asusun kuma na mijinki ne ko na ƙaninki, ki gaya mata tun kafin ta gani, domin mace tana gab da turawa ta ga sunan namijin da ba ta sani ba sai gabanta ya faɗi ta fasa, kuma ba za ta gaya miki dalili ba. Na biyu, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ko ta OPay aka ce an turo, ko Moniepoint, ko banki, ki buɗe manhajarki ki ga ya zauna kafin ki ce kin gani, saboda alat na bogi ya yi yawa, kuma ko mai gaskiya ma wani lokaci kuɗinta yakan maƙale a hanya ya koma mata. In ya shigo, ki tura saƙon tabbaci da ya ƙunshi abin da aka biya, abin da ya rage, ranaku da lokutan, da adireshi. Wannan saƙon shi ne zai raba gardama ranar biki idan wata gwaggo ta ce ai an ce har da kwalliyar uwar amarya a ciki.

Ki kuma faɗi hukuncin fasawa tun kafin a biya, a jimla ɗaya ko biyu. Biki ana ɗaga shi, rasuwa tana faɗowa, wani lokaci auren ma ya watse. Malamai sun yi saɓani kan cinye kafin alƙalami idan mai saye ya fasa: a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai ba a yarda da shi ba, Hambaliyya kuma sun halatta. Saboda haka ki zauna da malamin da kika yarda da shi ki tsara naki. Ni abin da na tsayar shi ne, in an ɗaga biki ina mayar da kuɗin kan sabuwar ranar matuƙar ba kowa a kanta. In an fasa, ina mayarwa, sai dai abin da na riga na kashe a kan aikinta, kuma ina nuna mata lissafin. Faɗin wannan tun farko yana sa hannun da ke rawa ya tura kuɗin, domin tsoron da ke hana mutane ba da rabi shi ne kada wani abu ya faru su rasa duka.

Sai batun masu shiru, tunda ko kin yi komai daidai wasu za su ɓace. Shiru ba koyaushe yake nufin a'a ba. Amarya tana tsakanin tela da mai gyaran jiki da masu kayan ɗaki, hirarki ta nutse ƙarƙashin saƙo ɗari. Ki bi ta sau ɗaya bayan kwana ɗaya ko biyu, amma kada ki rubuta "Hajiya shiru?" ko "ina jiran ki", waɗannan suna sa mutum jin kamar ana bin sa bashi. Ki zo da wani abu a hannu: "Barka da yamma Hajiya. Ga wani zane da na yi yau, na tuna da ke don kin ce amarya ba ta son mai cunkoso. Har yanzu Asabar ɗin tana nan." In ba ta amsa ba, ki sake sau ɗaya idan ranar ta matso ko wata ta neme ta da gaske. Bayan wannan ki ƙyale ta. Tana ganin Status ɗinki, ta san inda kike, kuma wadda ba ki takura wa ba tana iya zuwa da bikin ƙanwarta baɗi.

Saurin amsa kuwa, na san matsalarsa a sana'armu: hannunki yana cikin lalle awa huɗu, ba ki da damar taɓa waya. In ba ki koma WhatsApp Business ba ki koma, kyauta ne. A cikin Business tools akwai Quick replies, inda za ki adana amsar nan ta farko sau ɗaya, ki ba ta gajeren suna, in an tambaya sai ki danna / a wurin rubutu ki zaɓe ta. Ki yi ɗaya ta lalle, ɗaya ta kwalliya, ɗaya ta lambar asusu da ƙa'idar riƙe rana. Da wannan ko yarinyar da ke taya ki za ta iya tura amsar farko ke kina kan aiki. Akwai kuma Away message da za ki kunna ya gaya wa mai tambaya cewa kina kan amarya, za ki amsa bayan la'asar. Sai dai kada ki bar saƙon da aka adana ya tafi yadda yake kullum. Ki ƙara kalma biyu da ke nuna kin karanta nata, ko sunan unguwar da ta ambata, ko zanen da ta yi magana a kai.

Don ki gane ainihin inda naki yake yoyo, ki samu littafi ki yi wata ɗaya kina rubuta kowace mai tambaya a layi guda: ranar da ta tambaya, abin da ta nema, da saƙon ƙarshe kafin hira ta tsaya. A ƙarshen wata ki duba inda suka fi taruwa, domin kowane wuri da ciwonsa. In suna ɓacewa daidai bayan amsar farko duk da kin gyara ta, ki dubi hotunanki. Wataƙila aikin dubu 30 kike ɗorawa da hoto mai duhu wanda ya sa ya yi kama da na dubu 10, ko kuma masu kallon Status ɗinki 'yan makarantarku ne da dangi waɗanda ba su ne kasuwar wannan farashin ba, sai ki nemi hanyar da aikinki zai kai idon wasu, ta hannun masu hoto da teloli da masu gyaran jiki. In suna faɗin rana sannan su ɓace bayan lissafi, to ko lissafin bai fito fili ba, ko ba ki ba su zaɓi mai sauƙi kusa da babban ba. In kuwa ana daidaitawa har ki tura lambar asusu sannan a yi shiru, matsalar yarda ce ko rashin wa'adi, ba farashi ba, kuma rage kuɗi ba zai warkar da ita ba. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi saurin gyaruwa: ɗan bidiyon shagonki, adireshi a fili, da gayyatar ta zo ta gan ki ta biya hannu da hannu in ta fi so.

Yayar amaryar nan ta turo dubu 40 ɗin washegari kafin la'asar. A saƙon tabbacin na ƙara tambaya ɗaya da nake yi wa kowa bayan an biya, ko baƙin lalle ya taɓa yi wa amarya ƙaiƙayi ko ƙuraje, domin akwai fatar da ba ta ɗaukarsa, kuma gara a sani da saura mako uku da a gani ranar kamu. Ta ce ba ta sani ba, sai na ce amarya ta biyo shago a ɗiga mata kaɗan a cikin hannu mu ga yadda zai yi bayan kwana biyu. Ta zo da ƙawayenta huɗu, suka zauna suna duba hotuna a wayata, kafin su tashi kowacce ta sa sunanta a lallen ƙawaye na dubu 5 na ranar Larabar.